Yaya zan zana matakan ɗaura sola yadda mai gida zai gane?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ina zane-zanen talla a nan Kumasi. Wani Alhaji mai ɗaura sola a Aboabo ya ba ni aikin zanen bayani da zai nuna wa kwastomomi yadda aikinsu ke tafiya mataki-mataki. Ya rubuto mini matakai 12 da hoton yadda ake haɗa wayoyi. Na zuba duka a shafi ɗaya, ya cika maƙil, waɗanda na nuna wa kuma ba su gane komai ba. Ta ina zan gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka taɓa launi ko girman rubutu, raba abubuwa biyu da Alhaji ya haɗa maka wuri guda. Akwai hanyar da wuta ke bi, daga fanel zuwa inbata zuwa batir zuwa soket. Akwai kuma hanyar da mutum ke bi, daga ranar da ya ɗaga waya ya kira zuwa ranar da aka miƙa masa aiki. Ta farko ita ce ke cikin kan mai ɗaura sola, shi ya sa ya ba ka hoton wayoyi. Ta biyu ita ce ke damun mai gida, kuma ita ce ƙashin bayan zanenka. Matar da ke sayar da ruwan sanyi a Asawase ba ta tambayar kaurin waya. Tana son ta san wa zai zo gidanta, me zai duba, yaushe za ta fitar da kuɗi, kwana nawa za a yi, kuma idan abu ya lalace wa za ta kira.

Saboda haka koma wurin Alhaji da matakansa 12, ka yi wa kowanne tambaya ɗaya: a wannan matakin, mai gida yana yin wani abu, ko yana ganin wani abu, ko yana karɓar wani abu a hannunsa? Duk matakin da amsarsa a'a ce, na cikin shago ne, sai ka cusa shi ƙarƙashin wanda ke kusa da shi. Sayo kaya daga Accra, yanka ƙarafan da fanel zai zauna a kai, saita inbata, duk aiki ne na gaske, amma mai gida ba ya ciki. Idan ka tace haka za ka ga abin da ya rage bai wuce bakwai ba: kira na farko, zuwa duba gida, lissafin wuta da takardar farashi, amincewa da biyan kafin alƙalami, ranar ɗaurawa, gwaji da miƙa aiki, sai kulawa bayan an gama. Alhaji zai yi gardama, domin kowane mataki da ka cire gumi ne ya zubar a kansa. Ka ce masa ba jefarwa ka yi ba, za su fito a hotuna na biyu.

Kowane mataki ka ba shi abubuwa huɗu, a wuri ɗaya kuma a jere iri ɗaya daga sama har ƙasa: lamba babba, kan magana na kalma biyu zuwa huɗu, jimla guda, sai ɗan layi da ke faɗin tsawon lokaci da abin da mai gida zai karɓa. Kan maganar ya faɗi wanda ke aikin. "Binciken wuri" ba ya gaya wa kowa komai. "Mun zo duba gidanka" ya gaya masa cewa mutane za su zo, kuma ya kamata a same shi a gida. Ni nakan yi amfani da launi biyu kacal a kan lambobin, ɗaya na matakan da kamfani ke yi, ɗaya na waɗanda ke jiran mai gida. Da kallo ɗaya mutum zai ga cewa sau uku ake jiransa, wato ya kira, ya amince ya biya, ya tsaya a koya masa ranar miƙawa. Tsawon lokacin kuwa kada ka ƙirƙira. Tambayi Alhaji kwana nawa aikinsa na baya-bayan nan ya ɗauka daga biya zuwa ɗaurawa, ka rubuta abin da ya faru da gaske, ba abin da yake fata ba.

Mataki na biyu da na uku su ne inda zanen ke cin kuɗinsa, don haka a nan zan daɗe.

A hoton duba gida, kada ka ɗauko gidan da ke cikin Canva mai rufin tayil da bututun hayaƙi. Zana gidan da ake da shi a zango: rufin kwano, tsakar gida, tankin ruwa a sama, bishiyar mangwaro ko benen maƙwabci a gefe. Sannan ka sa alama a wurare huɗu da ma'aikaci zai duba da gaske. Rufi, ko kwanon ya yi tsatsa kuma ko katakon da ke ƙarƙashi zai ɗauki nauyi, domin fanel babba guda yana kai kilo 20 zuwa sama. Inuwa, domin inuwar da ta rufe ɓangaren fanel ɗaya tana rage ƙarfin sauran da aka jera tare da shi. Akwatin rarraba wutar gida da wayar da aka binne a ƙasa. Sai wurin da batir da inbata za su zauna, mai iska, ba zafi, ba ruwa. Akwai abu na biyar da kusan duk zanen da aka kwafo daga waje ba ya ɗauke da shi, alhali a Aboabo shi ne kan gaba: izinin mamallakin gidan. Da yawa daga masu neman sola 'yan haya ne a gidan da ɗakuna da yawa ke ƙarƙashin rufi ɗaya, wani lokaci ma gidan gado ne mai masu shi goma. Layi ɗaya da ke cewa "In haya kake, nemo yardar mai gida kafin mu zo" zai rage wa Alhaji zirga-zirgar banza.

Yanzu lissafi. Kada ka zana tsarin lissafin a tsirararsa, zana misali ɗaya cikakke, mutum ya ga kayan ɗakinsa a ciki. Ɗauki ɗaki da falo irin namu. Ƙwan fitila shida masu wat 10, awa shida a rana, ya ba da wat-awa 360. Fankar sama biyu masu wat 70, awa goma, 1,400. Talabijin mai wat 80, awa biyar, 400. Firji matsakaici mu ce 1,200 a yini, tunda yana tashi yana tsayawa. Cajin wayoyi da ƙananan abubuwa 140. An tara 3,500, wato yunit uku da rabi a rana, yunit ɗin nan dai da ke cikin takardar kuɗin wuta ta ECG, kamfanin rarraba wutar lantarki.

Daga nan ake fitar da fanel. Rana a Kumasi tana fitowa kusan awa goma sha biyu, amma ƙarfinta idan aka dunƙule shi bai wuce kamar awa huɗu zuwa biyar na cikakkiyar rana ba, kuma a watannin Yuli da Agusta, lokacin da gajimare ke rufe gari, yakan sauka ƙasa da haka. Mai hankali yana lissafi da huɗu. Sannan kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tafiya a zafi da ƙura da wayoyi da inbata. To 3,500 a raba da huɗu, a sake rabawa da 0.75, ya ba da kusan wat 1,170. Fanel uku masu wat 450 sun biya, har da ɗan rara. Batir kuma ana auna shi ne da abin da ake ci bayan faɗuwar rana. Mu ce yunit 2.4 daga cikin ukun da rabi da dare ake cinye su. Batir mai ruwa ko na jel ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, don haka sai an tanadi ninki biyu, wato 4.8, wanda shi ne batir biyu masu bolt 12 da amfiya-awa 200. Na litiyom ana iya cin kashi 80 cikin ɗari ko fiye, don haka mai yunit uku zuwa sama ya isa.

Duk wannan lissafin na gaya maka ne domin kai ka gane, ka kuma iya duba abin da Alhaji ya ba ka. Abin da zai hau zanen kaɗan ne. Layi na sama: hotunan kayan, kowanne da adadinsa da awanninsa a ƙasa. Tsakiya: lamba ɗaya babba, "yunit 3.5 a rana". Layi na ƙasa: fanel uku, batir, inbata guda. Kibiya daga sama zuwa tsakiya, kibiya daga tsakiya zuwa ƙasa. Shi ke nan. Ka rubuta "misali" a sarari a kansa, in ba haka ba wani zai zo da hoton a waya yana cewa fanel uku aka ce masa, alhali yana da firiza biyu.

Kuma a gefen wannan misalin ka ware ɗan akwati na kayan da wannan girman ba zai ɗauka ba. Dutsen guga yana cin wat dubu ko fiye. Butar dafa ruwa ta lantarki tana kai dubu biyu. Na'urar sanyaya ɗaki guda, in ta kwana tana aiki, tana iya cin fiye da abin da duk gidan nan ke ci a yini. Masu sayarwa ba sa son wannan akwatin, suna ganin yana korar ciniki. A ganina shi ne mafi amfani a duk shafin, domin yawancin rigimar da ke tashi bayan an ɗaura sola daga nan take: an yi lissafi da fanka da fitila, bayan sati biyu an jona hita, batir ya mutu ƙarfe biyun dare, sai a ce kayan jabu ne. Idan akwatin na nan tun farko, magana ta ƙare. Alamar hani ka yi ta da gicciyen layi a kan hoton, kada ka dogara da ja da kore kawai, domin akwai mazan da ba sa bambance waɗannan launuka biyu sosai, kuma in aka buga a baƙi da fari duk ɗaya suke fitowa.

Hoton wayoyin Alhaji kuwa yana da wurinsa, amma ƙarami, a cikin mataki na biyar, kuma a sauƙaƙe: fanel, inbata, batir, layin ECG, gida. A nan masu zane ke yin kuskuren da ma'aikaci zai gani da kallo ɗaya. Kibiya ba ta tashi daga fanel kai tsaye zuwa gida, sai ta bi ta inbata, domin wutar fanel ba irin ta soket ba ce, inbata ke mayar da ita bolt 230 da kayan gida ke amfani da shi a Ghana. Kibiyar da ke tsakanin inbata da batir mai kai biyu ce, tunda batir kamar tankin ruwan da ke saman gida yake, yana cika da rana yana zuba da dare. Layin ECG kuma kada ka share shi, domin yawancin waɗanda ke cikin gari ba yanke shi suke yi ba, haɗawa ake yi. Fanel ɗin ka zana shi a ɗan karkace, ba kwance shamal ba kuma ba a tsaye kamar na ƙasashen sanyi ba. Kumasi tana kusa da tsakiyar duniya, ɗan arewa kaɗan, don haka ana karkata shi kamar digiri 10 zuwa 15, galibi yana kallon kudu, yadda ruwan sama zai wanke ƙura ya gangara.

Tambayi Alhaji wane iri yake ɗaurawa kafin ka zana wannan, domin akwai bambancin da ya shafi alƙawarin da zanen ke yi. Solar da aka jona da layin ECG ba tare da batir ba tana mutuwa ne da zarar an ɗauke wuta, ko da rana na tsaka. Da gangan aka yi ta haka, don kada ta tura wuta cikin layi ta kama ma'aikacin da ke gyara a kan falwaya. Mutanen da suka sha dumsor, wato yawan ɗauke wuta, a 2015 abin da suke saye shi ne fitila a lokacin da unguwa ta yi duhu. Idan ka zana gida mai haske a cikin duhun unguwa, dole batir ya kasance a hoton. Haka nan kada ka zana kibiyar kuɗi tana dawowa daga ECG zuwa aljihun mai gida don ka gani a zanen wata ƙasa. Tura rarar wuta cikin layi yana buƙatar amincewarsu da mita ta musamman mai ƙirga shiga da fita, kuma in Alhaji ba ya bin wannan hanyar wa kwastomominsa, ba ta da gurbi a zanenka.

Maganar farashi gajera ce: kada ka buga kuɗi a kan zanen. Kayan sola daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala, sidi kuma ba ta zama wuri ɗaya. Abin da za ka nuna shi ne lokacin biya, wato kashi nawa kafin a fara, kashi nawa bayan gwaji, yadda Alhaji ya tsara. Ka sa alamar kuɗi iri ɗaya a kan waɗannan matakai biyu kaɗai.

A mataki na shida, jera abin da mai gida zai riƙe a hannu ranar miƙawa: rasit, takardar garanti, lambar da zai kira, da nuna masa yadda ake karanta fuskar inbata da inda ake kashe komai in an ji ƙauri. Garanti ka rarraba shi. Shekara 25 ɗin da ake yawan rubutawa da manyan baƙaƙe na fanel ne, kuma alƙawarin masana'anta ne kan yawan wutar da zai ci gaba da bayarwa. Na inbata da na batir sun fi haka gajarta nesa, na aikin hannu kuma daban yake. Layi uku, kowanne da shekarunsa kamar yadda suke a takardun kayan Alhaji. A ƙasan shafi, in yana da lasisin Energy Commission, wadda ita ce hukumar da ke ba masu ɗaura sola izini a ƙarƙashin dokar makamashi mai sabuntawa ta 2011, kuma ita ke tantance masu haɗa wayar gida, to a rubuta lambar lasisin. Ka ga takardar da idonka kafin ka rubuta, kuma kada ka manna tambarin hukuma kamar ita ta buga tallar. Mataki na bakwai kuwa jimla biyu sun ishe shi: a wanke fanel da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe ko da yamma, ba da tsakar rana yana zafi ba, a kuma ƙara yawan wankewa daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin ƙurar hunturu.

Sai girma. Kuskuren shafi ɗaya shi ne ana son ya yi aikin waya da na takarda da na allon shago a lokaci guda. Yawancin mutane a WhatsApp za su gan shi, to fara da na waya: pixel 1080 a faɗi, 1920 a tsayi. Bar kamar 250 a sama da 250 a ƙasa babu rubutu mai muhimmanci, domin sunan mai turawa da wurin amsa suna rufe nan. Abin da ya rage kusan 1,400 ne, in ka raba bakwai kowane mataki ya sami 200. Wannan yana ɗaukar lamba, ƙaramin hoto, kan magana mai girman 46 ko kusa, da layi ɗaya da bai gaza 32 ba. Ba ya ɗaukar misalin lissafi. Don haka hoto na farko taswirar matakai bakwai ce kawai, a jere daga sama zuwa ƙasa a layi ɗaya miƙaƙƙe. Kada ka yi hanyar maciji mai zuwa dama ta dawo hagu, mutane suna ɓacewa a kwana. Duba gida, lissafi, ranar ɗaurawa da miƙawa kowanne ya sami nasa hoton, da lambarsa da launinsa iri ɗaya da na taswirar. Hotuna biyar ke nan. WhatsApp yana matse hoto, siraran layuka da ƙananan baƙaƙe su ne ke fara dagulewa, don haka tura wa kanka ka duba a ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi, a waje cikin rana. Rawaya a kan fari, wadda masu tallar sola ke so saboda launin rana, ba ta karantuwa ko kaɗan. Sa ta a bayan baƙin rubutu ko a cikin hoto.

Na takarda kuma, A5 gaba da baya ya isa: taswira a gaba, misalin lissafi da akwatin hani a baya. Ka fitar da shi PDF a CMYK, 300 dpi, da rarar milimita uku a kowane gefe saboda yanka, rubutu kuma kada ya gaza maki 9. Na allon bakin shago matakan da kan maganarsu kawai, harafi mai tsayin santimita biyu da rabi ga kowace mita uku da mai karatu zai tsaya.

Harshe ma sai ka yanke shawara. A zangon Kumasi da yawa suna jin Hausa kamar ruwa amma a makaranta Turanci suka koyi karantawa, wasu kuma Twi ya fi musu sauƙi. Kada ka cusa harsuna biyu a akwati ɗaya, ka ninka cunkoson da kake gudu. Yi tsari ɗaya ka fitar da shi iri biyu, kowanne da harshensa, ka bar wa Hausa fili domin jimlarta ta fi tsawo. Duba cewa nau'in rubutun da ka zaɓa yana da ƙ da ɗ da ɓ. Da yawa ba su da su, sai ka ga harafin ya fito da wata siffa dabam ko ɗan akwati. Noto Sans da Andika suna da su. Ka kuma ba Alhaji shawara ya ɗauki saƙon murya na minti ɗaya yana bin lambobin ɗaya bayan ɗaya, a riƙa tura shi tare da hoton, saboda dattawan da ba za su karanta ko wanne ba.

Kafin ka kai wa Alhaji, gwada shi a kan mutum huɗu ko biyar da ba su san sola ba, kuma ba abokan zanenka ba: mai shagon kusa da ku, wata Hajiya a gidanku, direba. Kada ka tambaye su ko ya yi kyau, kowa zai ce ya yi. Ba su wayar na rabin minti, ka karɓe, sannan ka yi tambaya uku. Me zai faru bayan ka kira su? Yaushe za ka biya kuɗi? Za ka iya guga da wannan? Inda biyu suka faɗi amsa ɗaya ba daidai ba, laifin na zanen ne a daidai wannan wurin, kuma yawanci gyaran shi ne rage kalma ko ƙara girman abu ɗaya, ba ƙara bayani ba. Bayan nan ka kai wa ma'aikacin da ke hawa rufi da kansa, ba mai zama a ofis ba, ya bi kibiyoyin da lambobin da biro, ya sa hannu a kan kwafin da ya duba kafin a kai wurin bugawa.